Garin da ke taruwa a kan batir

"Maigida, motar da aka turo jiya fitilunta suna kamawa ras, hon yana yi, amma in an murɗa makulli sai ƙat-ƙat kawai. Na ce kik ne ya mutu, kai kuma ka goge wani gari fari da shuɗi a kan batir, ta tashi. Ta yaya gari zai hana mota tashi alhali akwai wuta?"

Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurare ni. Da ranar shirme ce da ban amsa maka ba, amma garin nan ya taɓa cinye mini kuɗin aikin wata biyu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ban daɗe da buɗe garejin kaina ba, ina haɗawa da sayar da batir. Wani mai bas da ke jigilar kayan gwari ya sayi sabo a hannuna, na ba shi garanti da bakina. Bayan wata uku ya dawo yana ɗaga murya a gaban mutane, wai na sayar masa da mataccen batir. Aiki ya yi mini yawa ranar, kunya kuma ta kama ni, ban ko ɗauko mita ba. Na ciro wani sabo daga shago na ce yaro ya ɗaura masa. Murɗa ɗaya bas ta tashi. Kowa ya ce ai ga shi, batir ne. Ni ma na yarda. Abin da ban lura ba shi ne, cirewa da mayarwar da yaron ya yi ta ɗan kankare garin da ke cikin kan wayar, ƙarfe ya sake taɓa ƙarfe. Da tsohon batirin aka mayar ma, da ta tashi.

Ya ce a bar masa tsohon a bayan mota, zai kawo gobe in ya sauke kaya. Goben da ba ta zo ba ke nan. Bayan mako uku sai ga shi an turo shi, wannan karon wai kik. Na sauke kik, na sake gawayin cikinsa, na sake sulonaid, wato makunnin da ke haɗa kik da wutar batir, duk daga aljihuna, don ya ce sai ya sayar da tumatir. Kwana goma ya sake dawowa. A ranar ne na ture kowa na tsaya da kaina. Na kwance kan jar waya, na leƙa cikinsa, sai ga gari ya daskare kamar busasshen kunu, tagullar ta cinye ta zama siririya. Na tayar da inji na auna caji: bolt 15.6. Altaneta ce ke dafa batirin, ruwan yana tafasa yana fesowa. Daga baya maƙwabcinsa ya gaya mini batirina na farko yana gidan mutumin, lafiyarsa ƙalau, da shi yake kunna talabijin. Ya san batirin na da rai, ya yi shiru. Batir na biyu da gyaran kik, ko sisi bai biya ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To ga abin da garin yake. Ruwan batir asid ne. In batir yana caji, musamman in cajin ya wuce ƙima ko zafi ya yi yawa, yana fitar da iska mai ɗauke da tururin asid ɗin, wani lokaci kuma ruwan da kansa ke tsattsafowa ta gindin kan batir inda roba ta tsage. Kan batir darma ne, in asid ya ci shi sai ya bar farin gari. Kan waya kuwa da wayar kanta akwai tagulla a ciki, ita ce in asid ya ci ta take ba da shuɗin nan ko kore-kore. Darma da tagulla suna wuce da wuta, amma garin da suka koma ba ya wucewa da ita. Wanda kake gani a waje kamar fure ba shi ne babban mai laifi ba. Mai laifin shi ne siririn da ya shiga tsakanin kan batir da cikin kan waya, inda ido ba ya kai sai ka kwance.

Fitila ce ta ruɗe ka, kamar yadda take ruɗin kowane sabon shiga. Manyan fitilu biyu ba su jan fiye da amfiya 10 ko kusa da haka. Kik na ƙaramar mota kuwa yana jan 150 zuwa 200 a lokaci guda. Ka ɗauka garin ya kawo tirjiyar om 0.02 kacal. Da amfiya 10, abin da zai ɓace a wurin bolt 0.2 ne, fitila ba za ta ko ji ba. Da amfiya 200 kuwa bolt 4 ne zai ɓace, ga shi batirin da kansa yana sauka zuwa wajen 10 in kik ya kama. Me ya rage wa kik? Wajen 6. Sulonaid ya kama, wuta ta faɗi, ya saki, wuta ta dawo, ya sake kamawa. Ƙat-ƙat ɗin da ka ji ke nan. Wutar da ta ɓace kuma zafi take komawa, shi ya sa in ka taɓa kan bayan an yi ta murɗawa za ka ji shi da ɗumi.

Ku yaran yanzu ba ku son awo, kun fi son a ce a sayo sabo. Cikakken batir yana nuna 12.6 in mota na kashe. In ka ga haka, ɗora tsinken mita ɗaya a kan darmar batir kanta, ɗayan a jikin kan wayar da ke rungume da ita, wani ya murɗa makulli. Wuri ɗaya ne, kamata ya yi mita ta nuna kusan sifiri. In ta kai rabin bolt, ka kama ɓarawonka, kada ka taɓa kik.

Wanki kuwa ba sai na koya maka riƙe sifana lamba goma ba. Baƙar waya ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe, wannan ko wanda ya zo jiya ya sani. Jiƙa sodar burodi cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi, in babu ita jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana kashe asid. Zuba a kan garin, zai yi kumfa, ka ci gaba har kumfar ta daina. Ka tabbata murafan batir a rufe suke, don in ruwan nan ya shiga ciki ka kashe batirin da hannunka. Kada ka hura garin da baki, ido yake nema, kuma kada in ga taba ko tartsatsi kusa, iskar batir tana kamawa da wuta. Ɗauraye, ka busar, sannan ka bi kan batir da cikin kan waya da burushin ƙarfe ko samfefa har su yi ƙyalli. Ɗaure har ya ƙi juyawa da hannu, sannan ka shafa giris ko basilin a waje. Bayan ɗauri ake shafawa.

Abin da na tsana shi ne in ga yaro yana dukan kan batir da guduma, ko yana cusa ƙusa don ya matse. Dukan nan ne ke tsaga gindin, asid ya samu hanya, wata ɗaya gari ya dawo. In kan wayar ya cinye, sake shi. In ka ɗan yanka robar waya ka ga kore ya bi cikinta, yanke har inda tagulla take ja, ko ka sake wayar gaba ɗaya.

Kuma kada mota ta bar garejin nan sai ka tayar da inji ka auna caji. Tsakanin 13.8 da 14.5 lafiya lau. In ya kai 15, altaneta za ka bi, in ba haka ba wankinka na mako uku ne. Motar jiya 14.2 ta nuna, shi ya sa na sallame ta. Tashi ka ɗauko mita, ga waccan jar motar can, auna mini kan batirinta ka zo ka faɗa mini abin da ka gani.