Mega tana nuna motarmu na sauka: a kai ta riwayindin?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina kula da motar lantarki mai bolt 415 da ke juya injin casar shinkafa. Da na sa mata mega, na'urar da ke auna yadda rufin koyil ke hana wuta zurarewa, a Janairu da sassafe na samu 800 MΩ, a Mayu 180, yanzu a Agusta 40. Tana aiki lafiya lau, amma maigida ya ce a kai ta riwayindin, a sake naɗa mata waya. Koyil ɗin ya mutu ne?

Amsa: Malam, barka kadai. Kada ku kai ta tukuna. Ƙa'idar injiniyoyin lantarki ta IEEE 43 ta ce ƙaramar mota irin taku kada ta gaza 5 MΩ a awon minti ɗaya, idan an mayar da lissafin zuwa digiri 40. Kuna sama da wannan. Abin da ya dame ni shi ne yadda take gangarowa, kuma ba za a gane shi ba sai an cire zafi daga lissafi.

Duk lokacin da zafin koyil ya ƙaru da digiri 10, abin da mega ke nunawa yakan ragu da kusan rabi, ko da babu abin da ya lalace. Ba ka faɗi zafin ba, to bari mu ƙaddara. Safiyar hunturu, mota ta kwana a kashe, a ce digiri 20. Daga 20 zuwa 40 rabi sau biyu ke nan, 800 ta koma 200. A Mayu zafin ya kai 40, 180 tana nan yadda take. Ka ga tsakanin Janairu da Mayu kusan babu abin da ya canza, bazara ce kawai ta tsorata ku. A Agusta kuwa, a digiri 30, 40 ta koma 20. Daga 180 zuwa 20 cikin wata uku, nan ne maganar take.

Zargina na farko shi ne danshi. Ƙurar dusa tana shiga ta manne a kan koyil da cikin akwatin haɗa wayoyi. Da rani busasshiya ce, ba ta cika ɗaukar wuta ba. Damina na sauka sai ta sha laima, ta zame wa wutar hanya zuwa jikin ƙarfe. Amma zargi ba hujja ba ne, sai an gwada.

Ka kashe wuta, ka tabbatar babu ita, ka kwance kebul daga jikin motar. Sau da yawa kebul ne ya sha ruwa ake ɗora wa mota laifi, kuma idan akwai infata mai sarrafa gudun mota a haɗe, mega na iya ƙona infatar. Ka goge akwatin tas, ka sa mega a 500 V tsakanin koyil da jikin ƙarfe, ka bar ta minti 10. Rubuta abin da ta nuna a minti na ɗaya da na goma, ka raba na goma da na ɗaya. Wannan shi ake kira PI. Busasshen koyil mai tsabta lambarsa takan yi ta hawa a hankali, amsar ta kai 2 ko fiye. Idan ta tashi daga 40 ta tsaya a 44, wato 1.1, akwai danshi ko datti. Sai dai ƙananan motoci kan gama hawansu da wuri, don haka kada PI kaɗai ta yanke hukunci. Bayan awo ka haɗa koyil da jikin ƙarfe ya sauke cajinsa kafin hannu ya taɓa, don Allah kada a yi wasa da wannan.

Busarwa ce za ta raba gardama. A buɗe motar, a hure ƙurar da busasshiyar iska, a gasa koyil a hankali kusa da digiri 90, ba da harshen wuta ba. Da farko lambar za ta ƙara faɗuwa saboda zafi, kada hankalinka ya tashi. Daga baya za ta fara hawa, a ci gaba har ta tsaya wuri ɗaya na wasu awanni. Idan ta huce ta dawo kusa da 200 a lissafin digiri 40, koyil lafiyarsa ƙalau, sai a ƙara masa banish, a gyara inda laima ke shiga. Idan ta ƙi tashi, ko banish ya yi baƙi yana farfashewa da warin ƙuna, to maigida ya yi gaskiya.

Ka kuma sani mega tsakanin koyil da jikin ƙarfe kawai take gani. Idan zagayen waya biyu suka haɗe a cikin koyil ɗaya, tana iya nuna lamba mai kyau alhali mota na dab da ƙonewa. Shi ya sa za ka riƙa auna wutar da kowane layi cikin ukun da ke kawo wa motar wuta ke ja. Daga yau kuma, duk awon da ka yi, ka rubuta kwanan wata, zafin jikin motar, da tsawon lokacin da ta yi a kashe.