Hukuncin Ɗora wa Kamfaninka Bashi da Ruwa don Rage Haraji

Tambaya: Malam, ni da yayana muke da masana'antar roba a Kano. Yana zaune a Dubai, kashi saba'in na hannun jari nasa ne. Zai ƙara naira miliyan 500, sai akantanmu ya ce a rubuta su bashi da ruwa kashi 20, saboda ana cire kuɗin ruwa daga riba kafin a yanka haraji. Ya halatta, tunda kuɗin gida ne?

Amsa: Ɗan'uwa, bai halatta ba. Haramcin riba, wato kuɗin ruwa, sananne ne, abin da zan tsaya a kai shi ne maganarka ta "kuɗin gida".

Wasu suna cewa babu riba tsakanin mutum da kamfaninsa, suna kafa hujja da maganar Hanafiyya cewa babu riba tsakanin bawa da ubangidansa, domin aljihu ɗaya ne. Wannan ƙiyasi bai tsaya da ƙafarsa ba. Su kansu Hanafiyya sun sa sharaɗin kada ana bin bawan bashi, kamfaninku kuwa da wuya a ce dillalai ko ma'aikata ba sa binsa komai. Sannan kai kana da kashi talatin. Duk miliyan 100 ɗin da za ta fita a shekara da sunan ruwa, akwai haƙƙinka a ciki, yayanka ne zai karɓe. Ina aljihu ɗaya a nan? Kuma ranar da kamfani ya karye za ku ce wa masu bin bashi dukiyarsa daban, taku daban. Ba ya yiwuwa ya zama wani a gaban alƙali, ya zama ku a gaban malami. In kuma kun ce a takarda kawai za a rubuta, to kun bar riba kun faɗa shaidar zur.

Amfanin da akantan ya kwaɗaita muku ma bai kai yadda kuke zato ba. Tun Dokar Kuɗi ta 2019, ruwan bashin da ya fito daga makusancin kamfani a ƙetare, ba a yarda a cire fiye da kashi 30 na ribar kamfani ba, wato ribar da aka lissafa kafin a fitar da ruwa da haraji da tsufan kayan aiki. Idan ribar taku miliyan 200 ce, miliyan 60 kawai za a cire. Sauran 40 sai dai a tura gaba, iyakarta shekara biyar.

Yayanka ya zuba kuɗin a matsayin ƙarin jari, ku sake lissafin kason kowa da yardar juna. In ya fi son bashi marar ruwa, ku fara tuntuɓar masanin haraji, domin hukuma tana bincikar ciniki tsakanin makusanta. Ina roƙonka ku rubuta komai da shaidu tun kuna da rai, na ga irin wannan kuɗi ya raba 'ya'yan wa da ƙani a wajen rabon gado. Akantan kuma ka yi masa nasiha a keɓe, tsinuwar da Manzon Allah ya yi a kan riba ta haɗa da mai rubutawa.

Wallahu a'alam.