Amsar murya kan kuɗin hidimar gidan haya

Tambaya: "Yaya, an damƙa mini kula da bene mai fulat 12 a Kano. Yaya zan tsara kuɗin hidima na shekara, in kuma yi wa 'yan haya bayani ba tare da rigima ba?"

Salamu alaikum. To ƙanena, ka saurara da kyau. Kafin ka rubuta ko sisi, nemo rasidan bara, don abin da aka kashe da gaske shi ne tushenka.

Ka fara da abin da ba ya motsi. Mu ce masu gadi biyu, kowanne dubu 70 a wata, miliyan ɗaya da dubu 680 ke nan a shekara. Mai shara dubu 480. Kwasar bola da yashe sokawe dubu 360. Wutar tsakar gida da ta injin burtsatse dubu 480. Ya tashi miliyan uku cif. Sai ka ɗora kashi goma cikin ɗari, wato dubu 300, a matsayin ajiya, saboda ranar da injin burtsatse zai ƙone ba sallama zai yi ba. Raba miliyan uku da dubu 300 gida 12, kowa dubu 275.

Ka ji na ce gida 12 ko? Ko fulat biyu ba kowa, kason su na mai gida ne. In ka raba wa mutum goma, kowa ya koma dubu 330, kuma wallahi ranar da suka gano, ba za su ƙara yarda da lissafinka ba.

Sai man janareta, nan ne nake so ka fi kula. Kada ka cusa shi cikin kuɗin shekara. Ni na yi wannan kuskuren a 2022, dizal ya ninka har ya wuce, kafin shekara ta yi rabi asusu ya ƙare, na dawo ina bin mutane ƙofa ƙofa. Yanzu da lita nake lissafi. In injin yana shan lita biyar a awa, ana kunna shi awa huɗu kullum, lita 600 ke nan a wata, kowane fulat lita 50, a biya bisa farashin ranar da aka saya. A ajiye littafi wurin mai gadi, yana rubuta lokacin kunnawa da na kashewa. In awanni ba su ƙaru ba amma mai yana saurin ƙarewa, ko dai injin yana son gyara, ko ana zuƙa.

Batun bayani kuwa, ka kira zama wata guda kafin lokacin biya. Takarda ɗaya ta isa: ga na bara, ga na bana, ga dalilin ƙari, rasidai suna kan tebur. Kuɗin kuma su shiga asusun banki na daban, kada su haɗu da na haya. Duk wata uku ka turo wa kowa hoton abin da ya shiga da wanda ya fita.