Kuɗin intanet ya ninka a wata na huɗu

Tambaya: Na sa intanet a shago a kan naira 10,000 duk wata, yanzu a wata na huɗu an turo min 20,000. Cuta ce?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa 20,000 ɗin ne farashin tun asali. Garaɓasa suka yi maka, suka yafe rabin kuɗin na wata uku don ka shigo, da wa'adin ya cika rangwamen ya faɗi. Ɗauko tsohon rasit ka duba, yawanci za ka ga cikakken farashi a sama, layin ragi a ƙasansa, wani lokacin har da ranar ƙarewarsa. Idan layin nan ne kawai ya ɓace, ba kuskure ba ne. Amma in takardarka ta ce wata shida, kai musu ita su gyara. Kuma kafin ka soke, tambayi ko akwai tarar fita.