Yayanki ya karanta kJ a matsayin kalori

"Anti ina aiki a Ostareliya, na aiko wa Hajiyarmu madarar gari zuwa Gombe. Likita ya ce kar ta wuce kalori 1800 a rana, sai Yaya ya ga 2100 a jikin gwangwanin ya ce zan kashe ta, wai daga yau in riƙa turo masa kuɗi ya saya wajen wani ejan. Wallahi na kasa barci."

Ƙanwata kwanta ki yi barcinki. A ƙasar da kike, lambar kuzarin abinci da kilojul ake rubuta ta, wato kJ, shi kuwa likitan Hajiya da kilokalori yake magana, kcal, wanda mu muke ce wa kalori kawai. Abu ɗaya suke aunawa, mudun ne ya bambanta, kcal 1 daidai yake da kJ 4.184.

To ki raba 2100 da 4.184, zai ba ki kusan 502. Kuma wannan ma na giram 100 ne na garin, ba na kofi ɗaya ba, ki ce ya duba saman layin zai gani. In Hajiya tana dama giram 25 a shayinta, rubu'in 2100 kenan, kJ 525, ki sake rabawa ki samu kalori 125 da ɗan kai. Cikin 1800 fa! In ba kalkuleta a kusa a raba da 4 a rage kaɗan, amma RABAWA ake, na ga wanda ya ninka ya samu dubu takwas da wani abu ya hana yaransa biskit.

Ga abin da zai kashe gardamar. Mai shi ne ya fi komai yawan kalori, giram ɗaya kalori 9, don haka ko zallar man gyaɗa giram 100 ba ya wuce 900. Duk lambar kuzarin da ta haura 900 a layin giram 100, kJ ce ko da harafin ya goge.

Maganar ejan kuma a'a. Wata a nan Jekadafari ta kawo min gwangwanin da aka liƙa wa sabuwar takarda, an bar lambar kJ yadda take an sa kcal a gefe, da muka ɓare sai ga ranar lalacewa ta wuce a ƙasa. Wanda ya iya wannan me ya rage?

Shi kuma Yaya, da tsoro ne kaɗai da asibiti zai kai gwangwanin, ba lambar akawun zai turo miki ba. Kar ki yi masa rashin kunya, yayanki ne, ki tura masa lissafin ki ce ranar da Hajiya za ta ga likita a tafi da gwangwanin, don in ciwon suga ne layin sitaci da suga likitan zai duba, shi zai ce cokali nawa.