Takardar lamuni ta sefa 10,000, me ya sa ake sayar da ita 9,476?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa. An yi mini tayin takardar lamuni ta sefa 10,000, kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, saura shekara 3, ana biya duk wata shida. Sun ce farashinta 9,476. Daga ina suka samo wannan?

Amsa: Alhaji, da alama sun auna ta ne da ribar kashi 8 cikin ɗari, wato abin da kasuwa ke nema a yau kan irin wannan bashi. Kuɗin da zai zo baɗi bai kai na hannu daraja ba, don haka kowane biya sai an rage masa daraja gwargwadon nisansa, sannan a tara.

A ce sau ɗaya ake biya a shekara. Sefa 600 na shekarar farko, ka raba da 1.08, ya zama 556. Na biyu ka raba da 1.08 sau biyu, 514. A ta uku uwar kuɗi ke dawowa tare da ruwanta, 10,600, a raba sau uku, 8,415. Jimla 9,485.

Taka kuwa ta wata shida ce, sai abu uku su canza tare: biya ya koma 300, kashi 8 ya koma 4, zango ya zama 6.

```
P = 300/1.04 + 300/1.04^2 + ... + 10300/1.04^6
```

Ɗari uku-ukun nan shida sun ba da 1,573, uwar kuɗin ta ba da 7,903. Ga 9,476 ɗinka nan.

Za ka ce, kuɗi na zuwa da wuri, ta yaya farashi ya fi ƙasa? Nan ne mutane ke tuntuɓe. Kashi 4 sau biyu ba 8 ba ne, 8.16 ne, tunda ruwan wata shidan farko shi ma yana haihuwa. In 8 ɗin cif ake nufi a shekara, rabon wata shida 3.92 ne, farashi kuma ya haura zuwa 9,515. Sefa 39 a takarda ɗaya ba komai ba ne, amma a takarda 1,000 ya zama 39,000. Ka tambaye su wanne suke nufi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a raba biyan gida biyu a manta da kashi 8 ɗin, sai lissafi ya faɗo 7,689. Gwajinsa mai sauƙi ne: sa kashi 6 a gurbin 8, in bai ba ka 10,000 daidai ba, ka kauce.

Sai ka nemi jadawalin biya kafin ka sa hannu. Da yawa daga takardun gwamnati da ake cinikinsu a BVMAC, kasuwar hannun jari da ke Duwala, kashi-kashi suke mayar da uwar kuɗi, ba a ƙarshe ba. In taka irinsu ce, kowane kashi ka rage masa daraja a zangon da zai iso.