Shin wasan silot na intanet gyararre ne, ko sa'a ce zalla?

Tambaya: Malam, wani abokina ya rantse mini cewa wasannin silot na intanet duk gyararru ne, sai su bar ka ka ci kaɗan sannan su kwashe komai. Amma a ƙasan shafin ina ganin tambarin RNG da na masu bincike. Waɗannan tambura suna da wata ma'ana, ko ado ne?

Amsa: Suna da ma'ana, ɗan'uwa, amma ba wadda yawancin mutane ke ɗauka ba.

RNG manhaja ce da ke fitar da lambobi ba tare da wani tsari da mutum zai iya hasashe ba. Tana zaune a sabar kamfanin da ya ƙera wasan, wato babbar kwamfutarsa, ba cikin wayarka ba. Da zarar ka danna maɓallin juyi, sai ta ba da lamba ga kowane faifai mai ɗauke da alamomin wasan, kuma a nan take magana ta ƙare. Jujjuyawar da kake kallo da kiɗan da ke tashi duk nuni ne na hukuncin da aka riga aka yanke. A wasan da aka gina bisa ƙa'ida, manhajar ba ta san ko ka ci ɗazu ko ka yi asara sau hamsin a jere ba. Don haka zancen "injin ya kusa biya" ba shi da tushe.

To ina kuɗin ke zurarewa? Bari mu gina ƙaramin wasa mu gani. A ce faifai uku ne, kowanne da gurbi 64. Manhajar ta fitar da 1,000,003, aka raba da 64, ragowar ta zama 3, sai faifan farko ya tsaya a gurbin da ke da wannan lamba. Haka za a yi wa sauran biyun. Haɗuwar da za ta iya fitowa ita ce 64 sau 64 sau 64, wato 262,144. Yanzu a ce alamar ƙararrawa tana da gurbi 8 a kowane faifai, kuma idan uku suka jeru ana biyan ninki 100 na abin da ka zuba. Takwas sau takwas sau takwas 512 ke nan, wato za ta fito kusan sau ɗaya a juyi 512, kuma ita kaɗai tana mayar wa 'yan wasa kimanin kashi 19.5 cikin ɗari na kuɗin da suka zuba. Idan aka yi wa kowace alama irin wannan lissafi aka tara, jimillar ita ce abin da ake rubutawa RTP a bayanin wasan. Yawanci takan faɗo wajen kashi 96. Ma'ana, wanda ya yi juyi 1,000 yana zuba 100 kowane karo ya juya 100,000, kuma a matsakaici 4,000 sun tafi ba dawowa, ko da babu wanda ya cuce shi ko ƙwandala. Wannan gibin ba a ɓoye yake ba, shi ne ribar gidan, kuma babu dabarar da ke cike shi.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau. A cire ƙararrawa ɗaya tak daga faifai na uku, ta koma gurbi 7. Haɗuwarta ta sauko daga 512 zuwa 448, kusan sau ɗaya a juyi 585, kuma rabon 'yan wasa ya ragu da kimanin kashi 2.4. Ba a taɓa RNG ba, tana nan tsaf, za ta ci kowace jarrabawa. Hoton wasan bai canza ba. Kai kuma da ke riƙe da waya, a juyi dubu za ka sa ran ganin ƙararrawa uku kamar sau biyu a tsarin farko, ƙasa da haka kaɗan a na biyu. Babu idon da zai gane wannan bambanci. Shi ya sa abin da ya faru da abokinka a dare ɗaya ba ya tabbatar da cuta, ba ya kuma kore ta.

Aikin masu bincike ke nan. Ɗakunan gwaji irin su eCOGRA, GLI, iTech Labs da BMM Testlabs sukan karanta ainihin rubutun manhajar, su duba daga ina take samo lambar da take farawa da ita, da kuma yadda take samar da sauran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wata sananniyar hanyar samar da lambobi mai suna Mersenne Twister, wadda aka fitar a 1997, lambobinta sun bazu da kyau, amma wanda ya ga 624 daga cikinsu a jere zai iya lissafo duk masu zuwa. Sai su zaro miliyoyin lambobi su auna ko wata na fitowa fiye da rabonta, ko ta baya na nuna ta gaba. Daga nan su sa kwamfuta ta buga wasan sau miliyoyi, su ga ko abin da ya biya ya yi daidai da lissafin da ke takarda. A ƙarshe sukan ɗauki wata doguwar lamba ta musamman daga fayilolin, tamkar zanen yatsa, wadda za ta canza idan aka sauya ko harafi ɗaya.

Sai dai takardar shaidar tana da iyaka, kuma a nan zargin abokinka yake samun wurin tsayawa. Ta shafi wani wasa ne takamaimai, a wata sigarsa, a ranar da aka gwada shi. Kamfanoni da yawa suna fitar da wasa ɗaya da RTP iri-iri, a ce 96 da 94 da ƙasa da haka, duk an gwada su, sai gidan caca ya zaɓi wanda yake so. Bambancin 96 da 92 ga ido kaɗan ne, amma asararka ta ninka. Sannan kamfanin wasan ne ke biyan ɗakin gwajin, abin da ni dai bai taɓa kwanta mini ba, duk da cewa hukuma ce ke amincewa da ɗakin. Mai bincike ma mutum ne: Ronald Harris ma'aikacin hukumar kula da caca ta Nevada ne, aikinsa duba manhajar injina, amma ya yi amfani da saninsa ya ci haram har asirinsa ya tonu a 1995.

Mafi muni su ne wasannin jabu. Shafin da ba shi da lasisi yakan kwafi hotuna da kiɗan sanannen wasa, ya ɗora a sabar kansa, ya saita biya yadda ya ga dama, ya manna hoton tambari a ƙasa. Hoton tambari kowa na iya kwafowa.

Don haka ka danna tambarin. Na gaske zai kai ka adireshin ɗakin gwajin kansa, inda za ka ga sunan gidan da kwanan wata. Idan bai danna ba, ko ya buɗe wani hoto a cikin shafin, ka ɗauka babu shi. Ka ɗauki lambar lasisin ka nema a rajistar hukumar da aka ambata; Gambling Commission ta Birtaniya da Malta Gaming Authority duk suna da rajista a buɗe, kuma ka tabbata adireshin shafin yana cikin waɗanda aka lissafa. Sannan ka buɗe bayanin da ke cikin wasan kansa ka karanta RTP ɗinsa a can, kada ka dogara da na talla. Idan ka nema sama da ƙasa ba ka ga wannan lamba ba, gidan ne ya zaɓi ya ɓoye maka ita.